Sharhi: Biza da kafili, abin da ya kamata mai neman aiki a ƙetare ya bincika kafin ya jinginar da gonarsa

Kamar yadda kowa ya sani, da an gama yankan hatsi an cire wake a gundumomin Tasawa da Mayahi, sai samari su fara ɗaure kaya. Tun kaka da kakanni mutanen Korgom da Maijirgi da Urafan, da na Kanembakashe da Isawan da Sarkin Hausa, suna tafiya cin rani Katsina da Kano da Ikko, daga baya kuma hanya ta miƙe zuwa Agadas da Libiya da Aljeriya. Wannan tafiya ba ta bukatar komai sai kuɗin mota da ƙarfin jiki, in damina ta kusa kuwa a komo a kama shuka. Amma a ƴan shekarun nan wata irin tafiya ta daban ta shigo karkara, wadda ake yi da fasfo da biza da jirgin sama, galibi zuwa Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur. Dillalai suna bin kasuwanni da majalisun samari, wasu kuma suna aiko da saƙo ta wayar salula, suna cewa akwai wani mai gida ko wani kamfani a can da ya ɗauki nauyin biza, abin da ya rage kawai a kawo kuɗi. Kuɗin nan kuwa ba a aljihu suke ba. Gona ake jinginarwa, ko a kai bijimin noma kasuwa, ko uwa ta sayar da awakinta. Saboda haka ya wajaba jama'a da ma'aikatan hukuma su san yadda ake rarrabe mai ɗaukar aiki na gaskiya da na bogi tun kuɗi ba su bar hannu ba.

Da farko sai a fahimci yadda al'amarin yake a ƙasar da ake son zuwa. A Saudiyya baƙo ba ya shiga da sunan aiki sai wani mutum ko wani kamfani na ƙasar ya nemo shi. Wannan mai nema shi ake kira kafili. Shi ne yake zuwa wurin ma'aikatar da ke kula da ƙwadago ta ƙasarsa ya nemi izinin kawo ma'aikaci daga ƙasa kaza don sana'a kaza. In ya samu izini, sai ya wakilta wani ofishin ɗaukar ma'aikata a ƙasar da ma'aikacin yake, wakilcin da ake kira wakala. Daga nan ne ma'aikaci zai je a auna lafiyarsa a asibitin da ofishin jakadanci ya yarda da shi, ya kawo takardar kotu mai shaida cewa ba shi da laifi, ya sa hannu a kwantaragi, sa'an nan ofishin jakadancin Saudiyya ya ba shi bizar aiki. Bayan ya sauka, kafili yana da kwana 90 ya yi masa katin zama, wanda ake kira iƙama, da sunan kafilin a rajistarsa. Duk wanda ya lura da wannan jeri zai ga cewa bizar aiki daga wurin mai ɗaukar aiki take farowa. Dillalin da ya ce a fara tafiya tukuna, in an isa a nemi kafili, ya juya al'amarin ƙafa sama kai ƙasa, kuma wannan kaɗai ya isa a yi shakkarsa.

A watan Maris na 1921 babu wanda ya san da wannan tsari a Tasawa, alhazai da ƙafa da jaki suke bin hanyar Sudan su yi shekaru suna aiki a hanya. Jikokinsu da suka zauna a can su ne ake kira Takari, labarinsu kuma shi ne yake sa mutanen karkara suna zaton har gobe ana iya shiga a ɓace cikin jama'a a ci abinci. Zamani ya sake. Yanzu ana ɗaukar hoton yatsu tun a filin jirgi, kowane baƙo yana cikin rajistar na'ura, haya da asibiti da banki da layin waya duk sai da iƙama. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta dokar kafili, ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sake mai gida bisa wasu sharuɗɗa da damar fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba. Sai dai wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da manoma da makiyaya ba, alhali kuwa waɗannan ayyuka su ne aka fi kai mutanen karkarar Nijar. Masu aikin gida suna da tasu doka daban, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a watan Oktoba na 2024. Ke nan ga ɗan Mayahi da za a kai kiwon tumaki, ko ƴar Tasawa da za a kai wanke-wanke, halin kafili da gaskiyarsa su ne kusan dukan abin da zai yanke yadda zamansu zai kasance.

Abu na farko da za a bincika shi ne wanda ya kawo maganar. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga watan Satumba na 2012, ta yarda masu zaman kansu su buɗe ofishin samar wa mutane aiki, amma sai da izinin hukuma. Hukumar ƙasa mai kula da samar da aiki, wato ANPE, tana da hedkwata a Yamai da reshe a Maraɗi, kuma a Maraɗin akwai ofishin sufetan aiki. Dillalin da ke yawo a ƙauye yawanci ɗan aike ne kawai, don haka sai a tambaye shi sunan ofishin da yake yi wa aiki, da unguwar da ofishin yake, da lambar takardar izininsa. A rubuta waɗannan a takarda, a hau mota a je Maraɗi, a tambayi ANPE abu biyu: shin wannan ofishi yana da izini mai rai, kuma shin a halin da ake ciki an yarda a kai ma'aikata ƙasar da aka ambata don irin wannan aiki. Kuɗin mota zuwa Maraɗi da komowa ba su kai kuɗin akuya guda ba. Hoton takarda mai tambari da dillali zai nuna a waya ba hujja ba ne, domin ana iya ƙera irinsa a kowane shagon buga takardu. Rajistar hukuma ce kaɗai shaida.

Wasu dillalai sukan kafa hujja da cewa ai gwamnatin Nijar da ta Saudiyya sun yi yarjejeniya. Gaskiya ne a shekarar 2015 ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar ɗaukar masu aikin gida, haka kuma a watan Nuwamba na 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu kan takardar fahimtar juna game da ma'aikata masu zuwa can. Amma yarjejeniyar gwamnatoci hanya ce aka share, ba ta wanke kowane mutum da ya tsaya a bakin hanyar yana karɓar kuɗi ba. Hasali ma manufar irin wannan yarjejeniya ita ce a bi ta ofisoshi masu rajista a ɓangarorin biyu. Wanda ya ambaci yarjejeniya amma ya ƙi a je ANPE tare da shi ya riga ya ba da amsa.

Abu na biyu shi ne kafilin kansa. Mai ɗaukar aiki na gaskiya yana da suna cikakke, da gari, da lambar waya, kuma ba ya jin tsoron a san su. In kamfani ne, yana da lambar rajistar kasuwanci, wadda da Larabci ake kira sijillin tijara. Ma'aikatar kasuwanci ta Saudiyya tana da shafi a intanet mai adireshin `mc.gov.sa`, inda ake sa lambar a ga sunan kamfanin da sana'arsa da ko rajistarsa tana raye. Abin lura a nan shi ne a gwada abin da shafin ya nuna da abin da aka faɗa. In dillali ya ce kamfanin gine-gine ne mai neman magina ɗari, rajista kuwa ta nuna ɗan shagon sayar da kayan marmari, to akwai lauje cikin naɗi. Haka kuma ɓarayi sukan ari sunan babban kamfani na gaskiya su buga a kan takarda. Maganin wannan shi ne kada a kira lambar da dillali ya bayar, a nemi lambar kamfanin ta wata hanya daban, ko a roƙi ɗan gari da ke zaune a Jidda ko Makka ko Riyad ya taka da ƙafarsa ya je adireshin ya gani. Gundumomin nan biyu ba su rasa ƴaƴansu a waɗannan birane ba, gani kuwa ya kori ji.

In aikin gida ne, kafili mutum ɗaya ne ba kamfani ba, sai bincike ya bi ta wata ƙofa. Saudiyya ta kafa dandalin `Musaned`, kuma ta nan ne doka ta ce a riƙa ɗaukar masu aikin gida, daga ofishi mai lasisi a can zuwa ofishi mai izini a ƙasar ma'aikaci. Ma'aikatan kamfanoni kuwa ana rajistar kwantaraginsu a dandalin `Qiwa`, inda ma'aikaci yake iya karanta shi ya amince ko ya ƙi. Ba a bukatar manomi ya iya sarrafa waɗannan shafuffuka da kansa. Abin da ake bukata ya tambayi ofishin da ke son kai shi sunan takwaransa na Saudiyya da lambar kwantaragin da ke cikin dandalin, ya kai wa malamin makaranta ko wani ma'aikaci mai waya su duba tare. Ofishin da ke aiki bisa ƙa'ida yana da waɗannan amsoshi a hannu. Wanda ya fara kame-kame, yana cewa ai sirri ne ko lokaci ya ƙure, ya nuna inda ya dosa.

Abu na uku shi ne bizar, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Biza iri-iri ce, kowace kuma an rubuta nau'inta a jikinta da Larabci da Turanci. Ta aiki tana ɗauke da kalmar amal, tare da sana'ar da aka ɗauki mutum don ita da sunan mai ɗaukarsa. Ta umra tana ɗauke da kalmar umra, ta baƙunci kuma ziyara, a kan irin waɗannan har akan rubuta gargaɗi cewa ba a yarda mai ita ya yi aiki ba. Babu garin da ya rasa malamin da zai karanta wannan layi guda a ƙasar Tasawa da Mayahi. Bayan an karanta, sai a tabbatar da cewa takardar ba ta jabu ba ce, ta hanyar shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya mai adireshin `visa.mofa.gov.sa`, inda ake sa lambar biza ko ta takardar nema tare da bayanin fasfo, a ga ko hukuma ta san da ita. A buga adireshin da hannu, kada a bi mahaɗin da wani ya aiko, domin macuta sukan ƙera shafi mai kama da na hukuma.

Dabarar da ta fi yawa ita ce a ce wa mutum ya shiga da bizar umra, in ya isa za a juya masa ita ta koma ta aiki. Wa'adin bizar umra gajere ne, ranar da ya cika kuwa mai ita ya zama mai laifi a idon doka. Daga nan sai zaman ɓuya, da aikin da mai gida zai iya hana ladansa ba tare da an iya kai ƙara ba, har ranar da za a kama mutum a tsare shi a gidan jiran kora, a ɗauki yatsunsa, a maido shi gida tare da haramcin komawa na shekaru. Wanda ya yi niyyar ibada ya tafi da bizar ibada ya komo a kan lokaci. Wanda ya yi niyyar aiki ya jira bizar aiki.

Akwai kuma wadda dillalai suke kira bizar ƴanci, suna yabonta cewa mai ita yana aiki inda ya ga dama. A dokar Saudiyya babu biza mai wannan suna. Abin da ke faruwa shi ne wani ɗan ƙasar ya karɓi izinin kawo ma'aikaci alhali ba shi da aikin da zai ba shi, ya sayar da izinin, sa'an nan ya saki baƙon a gari yana karɓar wani abu a hannunsa kowane wata. Bizar kanta za ta fito daidai a shafin hukuma, wannan ne ya sa ta fi wuyar ganewa. Amma doka ta hana ma'aikaci yin aiki wurin wanda ba shi ne kafilinsa ba, kuma in aka kama, duka biyun suna da laifi. Ranar da baƙon ya kasa biya, kafilin takarda yana iya kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu, abin da mazauna can suke kira hurub, daga nan zamansa yana iya lalacewa. Alamar wannan tarko ita ce dillali ba zai iya faɗin wurin aiki da albashi ba, sai dai ya ce aiki yana nan birjik.

Abu na huɗu shi ne kuɗi. Dokar aiki ta Saudiyya, a sashe na 40, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin kawo ma'aikaci, da kuɗin iƙama da na izinin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida bayan kwantaragi ya ƙare. Haka kuma yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1997 kuma Nijar ta rattaba mata hannu a 2015, ta kafa ƙa'idar cewa ofishin samar da aiki ba daga ma'aikaci yake karɓar ladansa ba, sai a wuraren da hukuma ta keɓe. Abin da yakan faɗo kan mai tafiya shi ne kuɗin takardunsa na gida, kamar fasfo da takardar haihuwa da ta kotu, da kuɗin mota zuwa Yamai. To in dillali ya ce a kawo jika ɗari takwas ko miliyan guda kuɗin biza da tikiti, sai a tambaye shi: in kafili ya riga ya biya, na mene ne waɗannan, in kuwa bai biya ba, wane irin kafili ne wannan da ba ya iya ɗaukar nauyin da dokar ƙasarsa ta ɗora masa? Kowane kuɗi da za a bayar a ba da shi a cikin ofishi, a karɓi takardar shaidar biya mai suna da tambari da dalilin biyan. Kuɗin da aka aika ta kamfanin aika kuɗi da sunan wani mutum da ba a taɓa gani ba, da wuya su komo.

Don a ga yadda lissafin yake, a ɗauki misali. A ƙaddara wani saurayi ne a wani ƙauye na gundumar Mayahi, dillali ya ce masa akwai aikin tuƙi a Jidda, albashi riyal 1.500 a wata, amma sai ya kawo jika 900. A ƙaddara kuma riyal ɗaya ya yi daidai da sefa 150, albashin ya zama jika 225 ke nan. Saurayin da mahaifinsa za su lissafa cewa wata huɗu sun isa a fanshi gona. In bizar ƴanci ce aka sayar masa, ga yadda wata zai iya kasancewa. Babu mota babu mai gida, sai aikin lebura da ya samu kwana 20 a wata, kowace rana riyal 60, jimla 1.200. Kafilin takarda ya karɓi 300, hayar ɗakin haɗaka ta ci 300, abinci da mota da waya suka ci 400. Abin da ya rage riyal 200 ne, wato jika 30. Kafin jika 30 su biya jika 900 sai an yi wata 30, shekara biyu da rabi, wannan ma in bai yi ciwo ba, ba a kama shi ba, kuma ba a sa kuɗin sabunta iƙama da kafilin zai jibga masa kowace shekara ba. A cikin wannan lokaci gonar ta yi damina biyu ko uku a hannun wanda aka jinginar wa, gida kuma yana awon hatsi a kasuwa tiya-tiya.

In kuwa kwantaragin na gaskiya ne, kafili ya biya biza da tikiti, ya ba da ɗaki da abinci kamar yadda aka rubuta, saurayin yana iya riƙe riyal 300 ya aiko da 1.200, wato jika 180 kowane wata, ba tare da an taɓa gona ba. Garin ɗaya ne, jirgin ma yana iya zama ɗaya. Abin da ya raba tafiyoyin biyu tambayoyi ne da za a iya yi tun ana Mayahi: sunan ofishi da izininsa, sunan kafili da lambarsa, kalmar da ke kan biza, da dalilin jika 900. Dillalin bizar ƴanci zai faɗi a tambaya ta biyu ko ta huɗu.

Abu na biyar shi ne kwantaragi. Dokar aiki ta Nijar ta ce kwantaragin da zai sa ma'aikaci ya bar mazauninsa sai an rubuta shi a gaban hukumar samar da aiki ko sufetan aiki, bayan likita ya duba mutum. A tabbata an rubuta sunan mai gida, da irin aiki, da gari, da albashi cikin riyal da lambobi, da tsawon wa'adi, da ranar hutu, da wanda zai ɗauki nauyin ɗaki da abinci da magani da tikitin komowa. A nemi fassara da Faransanci, a sa wanda ba shi da rabo a cikin cinikin ya karanta da Hausa a gaban iyaye. A bar kwafi ɗaya a gida tare da hoton fasfo da na biza. Dalilin haka shi ne wata cuta da ake yi bayan an sauka, inda za a miƙo sabuwar takarda da Larabci mai albashi ƙasa da na farko, ko a ce direba ya tafi daji kiwon raƙuma. Wanda yake da kwafin farko yana da abin da zai kai gaban hukumar ƙwadago ta can, ko ofishin jakadancin Nijar a Riyad, ko ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda. Ya kamata kuma mai tafiya ya san cewa dokar Saudiyya ba ta ba mai gida ikon riƙe fasfon ma'aikaci ba, ko da yake da yawa suna yi.

Sha'anin mata yana bukatar ƙarin kulawa, domin mai aikin gida tana zaune ne a bayan ƙofa inda sufetan aiki ba ya shiga. Dokar masu aikin gida ta 2024 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta ba da hutun kwana ɗaya cikakke kowane mako tare da albashi, ta ƙayyade aiki kada ya wuce awa 10 a rana. Duk dillalin da ya ce zai ƙara wa yarinya shekaru a fasfo ya fara tafiyar da laifi, kuma laifin a wuyan yarinyar zai rataya in aka gano. Uban da aka zo wa da irin wannan magana ya sani cewa dokar Nijar mai lamba 2010-86 ta watan Disamba na 2010 ta kira ɗaukar mutum da yaudara don a ci da guminsa fataucin ɗan Adam, akwai kuma hukuma ta musamman da aka kafa don yaƙi da shi. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Tasawa ta gabas. Su ma alkawari suka bi.

Dole ne a faɗi iyakar wannan bincike. Takardu na gaskiya ba su tabbatar da cewa mai gida mutumin kirki ne ba, akwai masu rajista da lasisi da ke jinkirta albashi ko su wahalar da ma'aikaci. Amfanin bincike shi ne ya tsame maƙaryata tun daga gida, ya kuma bar wa ma'aikaci hujja da ƙofar kai kuka in abu ya ɓaci. Wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

A nan ne nauyi ya hau kan ma'aikatan hukuma. Bai kamata a ce sai talaka ya je Maraɗi kafin ya san ofishin da ke da izini ba. Ya dace ANPE ta riƙa aiko da jerin sunayen ofisoshi masu izini zuwa ofisoshin shugabannin gundumomin Tasawa da Mayahi da na ƙananan hukumomi, a liƙa a bango da Hausa, a sabunta shi duk lokacin da aka soke izinin wani. Gidajen rediyon karkara su karanta jerin a lokacin kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun manoma kuma dillalai suka fi zirga-zirga. Sarakuna da masu gari, waɗanda a gabansu ake jinginar gona, suna da damar tambayar dalilin jinginar kafin su shaida, in suka ji maganar biza su ce a jinkirta mako guda a yi bincike. Jandarmomi da ƴan sanda su karɓi ƙarar wanda aka cuta da muhimmanci, domin kunya takan sa mutane su yi shiru, shirun nan kuwa shi ne jarin macuci, da shi yake wucewa ƙauye na gaba.

Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci su ma suna da aikin yi. Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya rubuta suna da lamba a takarda, ya iya gwada sunan da ke kan kwantaragi da wanda ke kan biza, ya iya lissafin wata nawa bashi zai ɗauka. In dillali ya sauka a gari, a kira shi gaban mai gari, a ɗauko alƙalami, a yi masa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya a rubuta amsarsa a gaban shaidu. Mai gaskiya zai zauna ya amsa, har ya yi rakiya zuwa Maraɗi. Wanda ya ce jirgi zai tashi jibi, a kawo kuɗi yau ko a ba wani gurbin, a bar shi ya ba wani. Neman halali a ƙasar waje ba laifi ba ne, kuɗin ƴan cin rani sun gina gidaje sun cika rumbuna a ƙasar Tasawa da Mayahi. Abin da ake nema shi ne wanda ya tafi ya tafi da takarda mai kyau, ya komo ya tarar da gonar gidansu tana nan.